Malam, A Tsaya Mini: Neman Wasiƙar Shaida Don Aiki A Ƙasar Waje

A ƙarshen kusan kowane fom na neman aiki a ƙasar waje akwai gurbin da ake rubuta sunayen mutum biyu ko uku waɗanda za su ba da shaida a kan mai nema. Matasanmu kan kwashe makonni suna gyara sibi, suna bitar tambayoyin intabiyu, amma in sun iso wannan gurbi sai su cike shi cikin minti biyu. Su rubuta sunan farfesan da ya fi kowa suna a sashensu, su kwafo lambar wayar da suka adana tun suna aji uku, su tura. Wani ma bai gaya wa mai sunan ba. Sai a yi intabiyu, a aiko da albishir cewa an ɗauke shi bisa sharaɗi, daga nan abu ya tsaya cik. Ma'aikatar ta tura wa malamin saƙo sau biyu, sau uku, shiru. Bayan wasu makonni a janye tayin, a kira wanda ke bi masa.

Abin takaici shi ne, da wuya ka samu malamin da ya ƙi tsaya wa tsohon ɗalibinsa don mugunta. Abin da ke kashe takardun mutane yawanci ɗayan uku ne: ko malamin bai ga saƙon ba sam, ko ya rubuta wasiƙar da ba ta faɗi komai ba, ko abin da ya rubuta ya saɓa da abin da ɗalibin ya cike a fom. Dukkan ukun kuwa a hannun mai nema maganinsu yake, tun kafin ya buɗe baki ya ce, "Malam, wata alfarma na zo nema."

Me suke so su ji?

Mu nan mun saba da wasiƙa guda ɗaya da ake rubuta wa "duk wanda abin ya shafa", a buga mata hatimi, mutum ya sa ta a fayil yana yin kwafinta shekara da shekaru. Ma'aikatu da yawa a waje ba sa karɓar irin wannan, domin wasiƙar da ta biyo ta hannun mai nema ba su da tabbacin wanda ya rubuta ta. Su da kansu suke tuntuɓar mai shaidar, galibi ta imel, su aika masa mahaɗin wani fom ya cike, ko su ce ya turo wasiƙar kai tsaye.

Abin da suke tambaya kuma ya danganta da irin aikin. Asibitocin gwamnatin Birtaniya, waɗanda ke ƙarƙashin NHS, suna da ƙa'idar cewa shaidar da aka tattara ta rufe aƙalla shekara uku na baya-bayan nan na aiki ko karatu, a jere, ba tare da ɓaraka ba. Tambayoyinsu busassu ne: daga wane wata zuwa wane wata wannan mutum yake tare da ku, a wane matsayi, an taɓa ladabtar da shi, akwai wani bincike da ake yi a kansa? A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa, masu neman aikin lafiya sun san sunan DataFlow, kamfanin da hukumomin can, har da ta Saudiyya, ke sa wa ya koma makarantar ko asibitin da ya ba da takarda ya tambaya ko da gaske daga wurinsu ta fito. Jami'o'i da cibiyoyin bincike su ne ke son doguwar wasiƙa, shafi ɗaya zuwa biyu, wadda za ta bayyana yadda mutum yake tunani da yadda yake aiki.

Saboda haka matakin farko ba zuwa wurin Malam ba ne. A fara karanta tallar aikin da kyau, a gane wace irin shaida ake so, ta mutum nawa, a wane lokaci, ta wace hanya. Wanda ya je wurin malaminsa bai san waɗannan ba, zai sa dattijo ya zauna ya rubuta wasiƙa mai kyau wadda ba wanda zai karɓa.

Wa za a roƙa?

Mu ɗauki misalin wata matashiya da ta karanci kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa. Kwas ɗin na shekara biyar ne, amma yajin aikin ASUU na 2020 da na 2022, wanda kowannensu ya ci wata takwas ko fiye, sun ja mata lokaci, ba ta kammala ba sai Yunin 2023. Ta yi zaman jira na wata uku, ta shiga shekarar sanin makamar aiki a wani asibitin koyarwa daga Oktoban 2023 zuwa Satumban 2024, sannan ta tafi bautar ƙasa a wani babban asibitin jiha, ta gama a Nuwamban 2025. A watan Disamba ta ga tallar aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Ingila.

In ta ƙirga shekara uku baya daga Disamban 2025, za ta faɗa Disamban 2022, lokacin tana ajin ƙarshe. Ke nan shaidar mutum ɗaya ba za ta ishe ta ba. Tana buƙatar shugaban ɗakin gwaje-gwajen inda ta yi bautar ƙasa, da wanda ya kula da ita a asibitin koyarwa, da kuma malami daga jami'a wanda zai tabbatar da watannin ƙarshen karatunta. 'Yan watannin zaman jiran da ke tsakani su ma sai ta ambace su a fom ta faɗi dalilinsu, domin mai tantancewa a can bai san cewa a Najeriya ɗalibi kan gama karatu ya zauna yana jiran a rantsar da shi ko a kira shi sansanin bautar ƙasa ba.

To a jami'a wa za ta zaɓa? A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Akwai farfesan da ya koyar da su kwas ɗaya a aji biyu, su ɗari biyu da wani abu a babban ɗakin lacca, sunansa ya zaga ƙasa. Akwai kuma dakta, ƙaramin malami a lokacin, wanda ya duba mata furojet na tsawon wata bakwai, ya ga rubutunta na farko mai cike da kurakurai, ya tsaya a kanta a ɗakin gwaji, ya san ranar da ta makara da ranar da ta kai dare tana aiki. Zuciya za ta ce a nemi farfesa. Ni kuwa na ce a nemi dakta, ba tare da wani kokwanto ba. Ko a binciken aure, ba wanda ya san mahaifin yaro daga nesa ake tambaya ba, wanda ya zauna da yaron ake nema, wanda ya yi hulɗar kuɗi da shi, ya yi tafiya da shi. Mai karanta wasiƙa a Manchester ko Doha bai san girman farfesanmu ba, amma yana gane wasiƙar wanda ya ga aiki da idonsa tun daga layi na uku. Gani ya kori ji.

Akwai waɗanda ba a sa su ko da sun cancanta: kawu, miji, suruki, yayan ƙawa. Fom da yawa suna tambayar mai shaida kai tsaye ko yana da dangantaka da mai nema. Haka kuma in mutum yana kan wani aiki a yanzu, mafi yawan ma'aikatu za su so shugabansa na yanzu ya kasance cikin masu shaida. Wasu fom suna da gurbin da ake zaɓar ko a tuntuɓe shi kafin intabiyu ko sai bayan an yi tayin aiki. Wanda bai riga ya gaya wa maigidansa yana shirin tafiya ba, ya lura da wannan gurbi sosai.

Yadda ake buɗe maganar

Malamin jami'a yana yaye ɗalibai kowace shekara. A ofishinsa za ka ga kundayen furojet masu baƙin bango da rubutun ruwan gwal an jera su daga ƙasa har kusa da silin, wasu ƙura ta rufe sunayen. Wanda ya turo masa saƙo da ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana cewa, "Salam Malam, ɗalibarka ce, don Allah ina son wasiƙa gobe ne ranar ƙarshe," ya haɗa laifi uku wuri guda: bai faɗi ko shi wane ne ba, bai ba da lokaci ba, kuma bai bar wa malamin ƙofar cewa a'a ba.

In gari ɗaya ake, a taka a je. Zumunta a ƙafa take, kuma fuska tana tuna wa mutum abin da suna ba ya tunawa. In da nisa, a fara da gajeren saƙo na neman izinin kira, sannan a biyo da cikakken bayani a rubuce. Matashiyar tamu za ta iya rubuta wani abu kamar haka, da Hausa ko da Turanci, gwargwadon yadda suka saba magana:

"Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni ce wance, wadda Malam ya duba wa furojet a zangon 2022 zuwa 2023, a kan ƙwayoyin cutar mafitsara a jikin mata masu juna biyu da yadda suke bijire wa magunguna. Bayan na gama na yi shekarar sanin makamar aiki, na kuma kammala bautar ƙasa a watan jiya. Yanzu ina neman aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Ingila, kuma suna son shaidar malamin da ya san aikina. Ina roƙon ko Malam zai yarda in sa sunansa. In an kira ni, su za su turo fom ta imel, mai yiwuwa cikin Janairu. In Malam yana ganin lokaci ba zai ba shi dama ba, ko an jima da yawa har ba zai iya faɗin abu mai ƙarfi a kaina ba, wallahi ba komai, sai in nemi wani. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Jimlar nan ta kusa da ƙarshe ita ce mafi amfani a saƙon, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa. Mu mutane ne masu kara. Malami ba zai dubi idon ɗalibarsa ya ce ba zan rubuta ba. Zai ce, "To, in sha Allahu za a duba," ko "Ki tuna mini mako mai zuwa." Wani lokaci da gaske aiki ne ya yi masa yawa. Wani lokaci kuwa a'a ce ta sa rigar kunya, ko don bai tuna ta ba, ko don abin da ya tuna ba mai daɗi ba ne. Ana gane bambancin daga tambayoyinsa. Malamin da zai rubuta da zuciya ɗaya yakan tambaya, "Wane irin aiki ne? Yaushe suke so? Turo mini takardunki." Wanda bai yi tambaya ko ɗaya ba, kuma an tuna masa sau biyu bai motsa ba, a gode masa a nemi wani. Wasiƙar da aka matsa wa mutum ya rubuta takan fito salam-salam, kuma a wurin masu ɗaukar aiki yabo marar ƙarfi ya fi kusa da suka.

Lokaci kuma, a ba shi mako uku zuwa huɗu. A dubi kalandar jami'a: makonnin jarrabawa da na duba takardu, da lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe ke kare furojet, malami ba ya da kansa. A dubi azumi da salla, a tambaya ko Malam zai tafi aikin Hajji ko Umara.

Da zarar ya amince, a tura masa saƙo guda ɗaya tak mai ɗauke da komai: sibi, tallar aikin, takardar sakamakon kwasa-kwasai, lambar rajistar ɗalibi, taken furojet da taƙaitaccen bayaninsa, da watannin da aka fara aiki tare aka gama. A ƙara da layi huɗu ko biyar na abubuwan da suka faru a gabansa waɗanda wataƙila ya manta. A kuma rubuta suna daidai yadda yake a fasfo. Wannan ƙaramin abu yana jawo matsala babba a wurinmu. Ɗalibi a sashe an san shi da sunan garinsu a ƙarshe, a fasfo kuma babu. A takardar digiri an rubuta sunan mahaifi da wani salon haruffa, a fasfo da wani. Mace ta yi aure ta koma amfani da sunan miji. Ma'aikacin da ke tantancewa a can, in ya ga sunaye biyu, mutum biyu yake gani har sai an gamsar da shi. Gara Malam ya rubuta sunan fasfo, ya ƙara da cewa a lokacin karatu an san ta da suna kaza. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ko wata makarantar da ake koyarwa da Faransanci, su tambayi ma'aikatar tun da wuri ko za ta karɓi wasiƙa da Faransanci, ko sai an haɗa da fassarar tafinta mai rajista.

Akwatin saƙon da ba a buɗewa

Ga inda aiki ya fi lalacewa ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ma'aikatun waje da dama ba sa yarda da adireshin Gmail ko Yahoo na mai shaida, domin kowa na iya buɗe irinsa da sunan farfesa cikin minti biyar. Suna son adireshin ma'aikata, wanda a jami'o'in Najeriya yake ƙarewa da `.edu.ng`. Malamai da yawa suna da wannan adireshi, amma harkokinsu na yau da kullum a ɗayan suke yi. Wani ya shekara bai leƙa ba, wani ya manta kalmar sirri, sai ya je sashen kwamfuta an sabunta masa. Saƙon da na'ura ta turo kuma yakan zarce cikin `Spam`, kuma wasu mahaɗan fom suna da wa'adi, in ya wuce sai an sake aiko da sabo.

Don haka kafin a rubuta adireshin a fom, a roƙi Malam ya gwada buɗe shi, a tura masa saƙon gwaji a ga ko ya amsa. Ranar da ma'aikatar ta ce ta aika, a sanar da shi nan take, a faɗa masa sunan asibitin ko kamfanin da zai gani a kan saƙon. In mako ya wuce, a tuna masa cikin ladabi. In saura kwana uku, a kira. Ba rashin kunya ba ne. Malaman da na sani sun fi son a tuna musu da a bari su zama sanadin rasa aikin ɗalibinsu.

In malamin ya koma wata jami'a, a yi amfani da adireshinsa na can, shi kuma ya bayyana a wasiƙar cewa a makaranta kaza ya koyar da mai nema. In ya yi ritaya har an rufe adireshinsa, a gaya wa ma'aikatar gaskiya. Wasu za su karɓi wasiƙa mai sa hannu, wasu su ce a haɗa su da shugaban sashe na yanzu ko ofishin magatakarda don tabbatar da shekarun karatu. In kuwa Allah ya yi masa rasuwa, shugaban sashe na iya rubuta shaida daga abin da ke cikin fayil, ya faɗi a fili cewa daga fayil yake magana.

"Je ki rubuto, in sa hannu"

Wannan jimla kusan duk wanda ya taɓa neman wasiƙa a jami'o'inmu ya ji ta. Malam ya amince, amma aiki ya yi masa katutu, sai ya ce wa ɗaliba, "'Yata, rubuto abin da kike so, ki kawo in duba." Wasu na murna da haka, suna ganin an ba su wuƙa da nama. Ni ina ganin tarko ne, ta fuska biyu.

Na farko, wasu ma'aikatu suna sa mai shaida ya tabbatar da cewa shi ya rubuta da kansa. Na biyu, wasiƙar da mutum ya rubuta wa kansa tana da kamanni. Salonta ɗaya da na takardar neman aikinsa, kuskuren nahawun da ke can shi ke nan. In ya rubuta wa malamai biyu, sai wasiƙun su fito kamar tagwaye. Kuma ɗalibi bai san abin da malami ya sani ba: ba zai iya auna kansa da sauran ɗaliban da suka wuce ta hannun malamin ba.

Mafita ita ce a ce, "Allah ya gafarta Malam, bari in kawo bayanan a jere, Malam ya zuba su da kalmominsa." Sai a kai masa zallar abin da ya faru, da wata da shekara, ba tare da yabo ba. Yabon nasa ne, shi zai sa gwargwadon abin da ya yarda da shi.

Dubi bambancin a misalinmu. Wasiƙar da aka saba gani za ta ce wance ɗaliba ce mai ladabi da biyayya, mai tsoron Allah, haziƙa, 'yar gidan mutunci, kuma ana ba da shawarar a ɗauke ta kowane irin aiki. Duk gaskiya ne, amma za a iya cire sunanta a sa na kowa. Wasiƙar da za ta yi mata aiki kuwa za ta ce: na duba furojet ɗinta daga Disamban 2022 zuwa Yunin 2023. Ta karɓi samfurin fitsari na mata masu juna biyu ɗari da ashirin, ta shuka su, ta tantance ƙwayoyin cutar da suka tsiro, ta gwada su da magunguna. A tsakiyar aikin wuta ta ɗauke kwana biyu, na'urar da ke riƙe ɗumin samfuran ta huce, samfur talatin suka lalace. Ta zo ta gaya mini da kanta, ta koma asibiti ta sake karɓar wasu, abin da ya ja mata ƙarin mako uku. A cikin ɗalibai goma sha huɗu da na duba a shekarar, tana cikin biyun farko wajen tsaftar aiki da adana bayanai.

Shugaban ɗakin gwaji a kowace ƙasa, in ya karanta labarin samfuran nan talatin, ya samu amsar tambayar da ta fi damunsa, wato ko wannan ma'aikaciya za ta ɓoye kuskure ko za ta faɗa. Malam kuwa mai yiwuwa ya manta da wannan rana, shi ya sa aikin ɗaliba ne ta tuna masa. Yana da kyau kuma ya ƙara layi ɗaya da ke bayyana cewa tsawaitar shekarun karatunta yajin aikin malamai na ƙasa baki ɗaya ne ya jawo, ba faɗuwa jarrabawa ba, domin wanda ya ga kwas na shekara biyar ya ɗauki fiye da shida zai yi tambaya.

Akwai kuma abin da ya fi kyau a bari a waje. Addini, shekaru, aure, yawan 'ya'ya, ƙabila: a wurinmu ambatonsu yabo ne ko gabatarwa, amma a Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta hana a yi la'akari da mafi yawan waɗannan wajen ɗaukar aiki, don haka ba sa ƙara wa wasiƙa komai sai sa mai karatu ya tsargu. A roƙi Malam ya tsaya a kan aiki da halin aiki.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Ba a sayen shaida, kuma malamin kirki zai ji haushi in an yi masa tayi. Kuɗin da ofishin jami'a ke karɓa a ba da rasit don fitar da takardar sakamako wani abu ne daban. Haka masu cewa a kawo kuɗi su haɗa wa mutum wasiƙa da tambarin jami'a da sa hannun da ba na mai shi ba, a guje su. Kiran waya ɗaya zuwa sashe ya isa ya tona asiri, kuma abin ba ya tsayawa a rasa wannan aiki: hukumar da ke ba da lasisin sana'a a can na iya samun labari, sunan malamin da bai san hawa ba bai san sauka ba ya shiga ciki, ɗaliban da za su biyo baya daga wannan makaranta su riƙa shan tambayoyi.

Amincewar da Malam ya bayar ta aiki ɗaya ce. Wanda ke neman wurare goma ya faɗa tun farko, a shirya yadda za a yi, kada dattijo ya wayi gari da fom goma daga ƙasashe huɗu bai san da zuwansu ba. Kowane sabon nema, a aika masa layi biyu: ga sunan wurin, ga irin aikin, ga lokacin da za su tuntuɓa. In sakamako ya fito, a sanar da shi ko an samu ko ba a samu ba. In ba a samu ba kuma ma'aikatar ta faɗi dalili, a gaya masa dalilin, domin sau da yawa shi zai fara cewa a kawo wasiƙar a gyara sakin layin da bai dace da irin aikin ba kafin nema na gaba.